Farin gari a kwalbar da takardarta ta ɓace

"Salamu alaikum 'yan uwa. Ni sabon malamin kimiyya ne a wata sakandare a Gwale. Na tarar da kwalbar farin gari a ɗakin gwaji, takardar jikinta ta ɓare. Na sa shi a wuta ya ba da rawaya, na ɗiga AgNO3 ya yi fari. Gishiri ne ke nan, in rubuta NaCl a jiki?"

Wa alaikumus salam, Malam. Don Allah dakata da rubutun nan tukuna. Na daɗe ina kula da ɗakin gwaji a nan Kano, kuma irin wannan kuskuren ni kaina na taɓa yin sa, da hujjoji biyun nan naka daidai.

Kafin komai, kada ka ɗanɗana, kada ka kai hanci bakin kwalba. Akwai gishirin bariyam da na dalma, farare tas kamar na miya, kuma guba ne. Abin da kan ashana zai ɗauka ya isa kowane gwaji. Ka sa tabaran kariya, ka buɗe tagogi, domin akwai farin garin da in asid ya taɓa shi iska mai guba yake fitarwa.

Ni da ruwa nake farawa. Amma wane ruwa? A nan mutane da yawa ke faɗuwa. Ruwan rijiya, na burtsatse, na famfo, har fiya wata, duk sukan ɗauko kulorayid a cikinsu, kuma AgNO3 ba ya tambayar daga ina kulorayid ɗin ya fito, fari kawai zai yi. Tataccen ruwa na ɗakin gwaji, wato wanda aka tafasa aka tara tururinsa, za ka nema. Idan wajen masu batir za ka saya, ka gwada shi da litmas, don abin da wasu ke kira ruwan batir asid ne gauraye da ruwa. Kullum ka ajiye kwalbar gwaji ɗaya mai ruwa kaɗai a gefe, duk abin da ka ɗiga wa garin ka ɗiga mata. In ita ma ta yi fari, to ruwanka ka gwada, ba garin ba.

Zuba ɗan garin a ruwa kamar mililita biyu, ka girgiza, ka riƙe gindin kwalbar a tafin hannu. In ya ƙi narkewa, tunaninka ya koma kan su alli, sitaci da CaSO4. Ɗigon aidin zai mai da sitaci shuɗi mai duhu, alli kuma zai yi kumfa da asid. In ya narke, hannunka zai ji wani abu: NH4Cl da yuriya sanyi suke sa kwalba, Na2CO3 busasshe ɗumi yake yi, NaOH kuwa zafi sosai. NaCl kusan ba ya canja komai. Sai ka tsoma litmas ja da shuɗi. Ruwan gishirin NaCl ba ya juya ko ɗaya daga cikinsu. Wannan gwajin na minti ɗaya shi ne ban ga ka ambata ba, kuma shi ne zai fara raba maka gardama.

Batun wutar kuma, rawayar sodiyam ta fi kowace kala ruɗar mutum, saboda ɗan mitsitsin sodiyam ya isa ya rina harshen wuta gaba ɗaya. Gumin yatsanka yana da shi. Ƙurar da ke kwanciya a kan benci lokacin hunturu ma tana ɓata wayar da ake ɗaukar garin da ita zuwa wuta. Sai ka tsoma wayar nikirom a HCl mai ƙarfi, ka ƙona ta a shuɗin harshen wuta, ka maimaita har ta daina ba da kala, sannan ka sake jiƙa ta ka ɗangwali garin. Rawayar ƙazanta walƙiya take yi ta wuce. Ta sodiyam na gaske tana da ƙarfi, ruwan ɗorawa shar, kuma tana daɗewa. Kalsiyam ja ne irin na jan bulo, bariyam kore mai haske, fotasiyam kuma shanshanbale mai rauni wanda rawaya kan binne shi, shi ya sa ake leƙa wutar ta shuɗin gilashin kobal, wanda ke tare rawayar. Ko ka tabbatar sodiyam ne, rabin sunan kawai ka samu. NaCl, Na2CO3, NaHCO3, Na2SO4, duk rawaya ɗaya suke bayarwa.

Ga abin da ya faru da ni. Ana shirin gwajin aikin hannu na WAEC, muka ɗauko wata kwalba mai murfi ja daga bayan kabad, gara ta cinye takardar. Wuta ta ba da rawaya mai daɗewa. Na ɗiga AgNO3, ruwa ya yi fari-fari. Na rubuta NaCl na manna. Washegari wata ɗaliba ta ɗiga wa garin HCl marar ƙarfi, sai ga shi yana tafarfasa kamar an buɗe lemon kwalba. Ta ce, "Malam, gishiri yana kumfa ne?" Gabana ya faɗi, domin gishiri ba ya yi.

Laifina shi ne ban sa HNO3 marar ƙarfi ba kafin AgNO3. Kabonet ma yana haɗuwa da azurfar da ke cikin AgNO3 ya ba da gari mai kwanciya, fari da ɗan rawaya-rawaya, wanda ido mai gaggawa zai ɗauka na kulorayid ne. Asid ɗin shi ke korar kabonet tukuna. Da na sake, na ɗiga HNO3 har kumfa ta tsaya, sannan AgNO3, ruwan ya tsaya garai. Babu kulorayid. Lura, HNO3 ake sawa a nan ba HCl ba, don HCl da kansa kulorayid ne. Da a ce NaCl ne, farin zai fito duk da asid, ya narke in an ƙara ruwan amoniya, ya kuma yi duhu in ka bar shi a hasken rana. Haka dokar take wajen neman salfet da BaCl2: sai farin ya ƙi narkewa a HCl marar ƙarfi za ka yarda da shi.

Iskar kumfar ma ba mu bar ta haka ba. Muka bi da ita ta bututu cikin ruwan Ca(OH)2 da aka tace, ya koma fari kamar an ɗiga nono. CO2 ke nan. Saura tambaya ɗaya: Na2CO3 ne ko NaHCO3, wato bekin soda? Fenoftalin ya ba da ruwan hoda mai kauri, alhali baikabonet ɗan dishi-dishi yake bayarwa. Don mu ƙara tabbatarwa, muka ɗiga ruwan MgSO4 ba tare da dumamawa ba, nan take fari ya fito. Da baikabonet ne, sai an tafasa kafin ya fito. A nan ne na yage takardata na rubuta Na2CO3.

Ka san iyakar waɗannan gwaje-gwaje. Gishiri guda ɗaya mai tsabta suke iya nunawa. In garin gauraye ne, kamar kanwa da ke ɗauke da kabonet da baikabonet har da gishiri da ƙasa, amsoshin za su riƙa karo da juna. In ka dumama ɗan kaɗan ya yi baƙi yana hayaƙi kamar sukari, ya fita daga hurumin wannan hanya. Garin da aka tsinta a waje kuma, wanda ba a san daga inda ya fito ba, ba na ɗakin gwajin makaranta ba ne, hukuma ake kai wa.

Gobe in Allah ya kai mu, ka narka sabo a tataccen ruwa, ka fara da litmas, sannan HNO3, sannan AgNO3. Ka dawo ka faɗa mana ko jan litmas ya koma shuɗi, da ko ka ga kumfa. Kafin nan ka manna wa kwalbar takarda mai cewa "ba a tantance ba", ka kulle ta inda yara ba za su kai ba.