Hukuncin roƙon banki ya sake tsara biyan bashin kasuwa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da shagon atamfa da shadda a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da ke Kaduna. Bara na ci bashi a wani banki mai kuɗin ruwa don in saro kaya daga Kantin Kwari, na ajiye musu takardun gidan da nake ciki a Tudun Wada jingina. Yanzu saura uwar kuɗi naira miliyan 3, wadda ya kamata in biya cikin wata 6, kowane wata naira 545,000. Ciniki ya ja baya, har wani zubin ya wuce ban biya ba sai bayan kwana goma. Na rubuta wa manaja imel ina roƙon a sake tsara mini biyan, amma ban tura ba, domin da na yi masa maganar baki ya ce za su iya mayar da shi wata 18, in riƙa biyan naira 209,000, in kuma ba da naira 30,000 na sabunta takardu. Ina da fili a Rigachikun da nake ajiye wa yara. Shin ya halatta in tura wannan imel, in kuma sa hannu idan sun amince?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Alhaji, Allah Ya yaye maka wannan nauyi, Ya kuma saka maka da alheri da ka dakata ka yi tambaya tun kafin ka tura.

Roƙon mai bin bashi ya sassauta ko ya ƙara lokaci halal ne, babu saɓani a kansa. Allah Ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 280, idan wanda ake bi yana cikin ƙunci, to, a jira shi har ya samu sauƙi, kuma yafe masa ya fi alheri. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Ka'abu ɗan Malik ya matsa wa Ibn Abi Hadrad a masallaci kan bashin da yake bin sa har muryoyinsu suka tashi, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa Ka'abu nuni da hannu cewa ya yafe rabi, ya kuma ce wa wanda ake bi ya tashi ya biya sauran. Saboda haka rubuta imel ɗin ba laifi ba ne, ya ma fi ka yi shiru kana kauce wa kiran wayarsu. Inda hukunci yake sauyawa shi ne abin da ka roƙa a ciki da abin da za ka sa wa hannu.

Ka ɗauki biro mu yi lissafin abin da manajan ya faɗa maka. A tsarin da kake kai yanzu, naira 545,000 sau 6 ya kama naira 3,270,000. A sabon tsarin, naira 209,000 sau 18 ya kama naira 3,762,000, idan aka haɗa da naira 30,000 ɗin sabuntawa ya zama naira 3,792,000. Bambancin naira 522,000 ne. Ba a ƙara maka ko turmi ɗaya na atamfa a shago ba, ba a ƙara maka ko kwabo a asusu ba, abin da kawai za ka karɓa a madadin wannan kuɗi shi ne wata 12 na jinkiri. Na san idon wanda bashi ya danne yana fara sauka ne a kan 209,000, domin ita ce za ta bar shi ya yi barci a ƙarshen wata, kuma ba na zargin kowa a kan haka, amma shari'a jimillar take dubawa.

Wannan tsari shi ne ainihin ribar da Alƙur'ani ya sauka a kanta. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa daga Zaidu ɗan Aslam cewa riba a jahiliyya ita ce mutum ya kasance yana bin wani zuwa wani ajali, idan ajalin ya yi sai ya ce masa: za ka biya ne ko za ka ƙara? Idan ya biya ya karɓa, in kuwa bai biya ba sai ya ƙara masa a kan bashin, ya kuma jinkirta masa. Ka dubi wannan bayani, ka dubi maganar manajanka, ba za ka ga bambanci ba sai a suna da takardu. Don haka hukuncin da nake ba ka shi ne: bai halatta ka nemi ƙarin lokaci a kan ƙarin kuɗi ba, kuma bai halatta ka sa hannu a kansa da zaɓinka ba, domin sabuwar yarjejeniyar riba ce a kan ta farko, kuma Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa tsinuwar da Manzon Allah ya yi ta haɗa mai cin riba da mai bayar da ita da marubucinta da shaidunta biyu. Kuɗin sabunta takardun nan ma, da gwargwadon aikin da aka yi ne na haƙiƙa, kamar ladan lauya da kuɗin hatimi, da babu laifi. Amma naira 30,000 kashi ɗaya cikin ɗari ne na miliyan 3 daidai, kuma kuɗin da yake hawa da sauka tare da girman bashi ya fi kama da ƙari fiye da ladan aiki.

Game da bashin na farko, wajibi ne ka tuba ga Allah daga shigarsa, ka ƙudurta ba za ka koma ba. Tubar ba ta sauke uwar kuɗin daga wuyanka, domin aya ta 279 a Suratul Baƙara ta tabbatar wa masu bi uwar dukiyarsu, ba su zalunta ba, ba a zalunce su ba. Miliyan 3 ɗin nan haƙƙinsu ce. Ruwan da ke kai kuwa shari'a ba ta ɗora maka shi ba, sai dai doka za ta tilasta ka idan sun ƙi yafewa, don haka abin da ke kanka shi ne ka yi iyakar ƙoƙari a sauke shi ko a rage, ka kuma fita daga yarjejeniyar da wuri gwargwadon iko.

A nan ne maganar filinka na Rigachikun ta shigo, kuma ina roƙonka ka saurare ni da zuciya ɗaya, domin na san abin da filin yara yake nufi ga uba. Jinkirin da ayar ta wajabta na mai ƙunci ne, wato wanda bai mallaki abin biya ba bayan buƙatunsa na dole, kamar gidan da yake kwana da abincin iyali da jarin da yake juyawa. Fili da aka ajiye ba ya cikin waɗannan. Matuƙar yana nan kuma ana iya sayar da shi, ba za ka kafa hujja da larura ka karɓi tsarin wata 18 ba, domin larurar da ke halatta haram ita ce wadda ba a bar wa mutum wata ƙofa ba. Ka kuma tuna gidanka ne a hannunsu. Riƙe fili tare da barin takardun gida su ƙara shekara guda a banki, ruwa yana hawa, ba shi ne maslahar yaran ba ko ta fuskar duniya.

To, me za ka rubuta? Ka fara da gaskiyar halinka da alƙaluma: cinikin wata shida da suka wuce kamar yadda yake a littafin shago da bayanan asusunka, kimar kayan da ke kan kanta, da bashin da kake bin 'yan sari. Kada ka rage ciniki don a tausaya maka, kada ka ƙirƙiro gobara ko rashin lafiya, kada kuma ka ɓoye filin idan an tambaye ka kadarorinka, domin neman sassauci da ƙarya cin dukiyar mutane ne da ɓarna. Daga nan sai buƙatarka ta fito fili, da lafazi irin wannan: «Ranka ya daɗe, ina roƙon a dakatar da lissafin ruwa da tara a kan wannan bashi daga ranar da aka karɓi wasiƙata. Na sa filina a kasuwa, kuma na ɗauki alkawarin biyan uwar kuɗin gaba ɗaya da zarar an saya, cikin wata uku in Allah Ya yarda. Kafin nan zan riƙa zuba abin da shago zai iya ɗauka kowane wata, a cire shi daga uwar kuɗi. Idan za a ƙara mini lokaci, ina roƙon ya kasance ba tare da jimillar abin da ake bi na ta ƙaru ba.» Kada ka yi alkawarin adadin da ka san ba za ka iya cikawa ba. Ka kuma nemi amsa a rubuce, domin sau da yawa manajan reshe ba shi ne mai yanke hukunci ba, sama yake turawa, kuma alkawarin baki ba ya hana ruwa ci gaba da hawa a asusu.

Wani ɗalibi zai iya cewa wannan ai shi ne “rage mini in gaggauta biya”, wanda malamanmu na Malikiyya da mafi yawan malamai suka hana. Amsa ita ce saɓanin yana kan bashi halal mai ajali da ake rage wani sashensa saboda gaggautawa, kuma ko a can an ruwaito halaccinsa daga Ibn Abbas, Ibn Taimiyya da Ibnul Ƙayyim suka zaɓe shi. Abin da kake roƙo a sauke kuwa ruwa ne, wanda aya ta 278 ta yi umarni a bar abin da ya saura daga gare shi, don haka mas'alarka ba ta shiga wancan saɓani ba.

Da a ce bashin na bankin Musulunci ne ta hanyar murabaha, inda banki ya sayi kayan ya sayar maka da riba sananniya, ƙa'idar ba ta sauyawa. Farashin ya zama bashi tun ranar ciniki, ana iya tsawaita lokacin biyansa, amma ba a ƙara masa ko sisi saboda tsawaitawar.

Idan suka ƙi duk wannan, suka ce ko tsohon tsari ko sabo, to, ka zauna a kan tsohon, ka gaggauta sayar da filin ko da ka ɗan sassauta farashi, ka cike zubin watannin da ke tsakani da rance marar ruwa daga 'yan'uwa ko abokan kasuwa, ko kwasar adashi, ko karya farashin kayan da suka daɗe a shago. Idan ka gwada waɗannan duka da gaske suka gagara, har ta kai an aiko maka da takardar sayar da gidan da iyalinka ke ciki, to, halin ya zama wani daban, sai ka zo da takardun yarjejeniyar da wasiƙar bankin mu duba su tare kafin ka sa hannu a kan komai. Allah ne Mafi sani.