Gonata mita 6,800 ce a takarda, ƙafa nawa zan gaya wa mai saye?

Tambaya daga wani manomi a yankin Kura, jihar Kano: "Malam, ina da gona a bakin gari da nake son sayarwa. Takardar safiyo ta ce murabba'in mita 6,800 ce, tsawo mita 85, faɗi mita 80. Mai saye ya ce shi da ƙafa ya saba, kuma abokin cinikinsa yana son ya ji hekta nawa ce. Dillali ya buga ya ce ƙafa 22,304 ce, amma hankalina bai kwanta ba. Yaya ake lissafin?"

Malam, gara da hankalinka bai kwanta ba. Gonarka murabba'in ƙafa 73,195 ce, a hekta kuwa 0.68. Abin da dillali ya gaya maka bai kai kashi ɗaya cikin uku na filin ba, kuma da an yi ciniki a kan wannan adadi, da ka ba da fiye da kashi biyu cikin uku na gonarka kyauta.

Na san inda ya samo lambar. Mita ɗaya ƙafa 3.28 ce, sai ya ɗauki 6,800 ya ninka da 3.28. Ba lallai ne da mugun nufi ya yi ba, domin na sha ganin masu ilimi sun faɗa wannan rami. Ita 3.28 ta tsawo ce kawai, ta abin da ake aunawa a miƙe kamar igiya ko katanga. Fili kuwa yana da tsawo yana da faɗi, kuma kowannensu sai an mayar da shi ƙafa. Ka zana ɗan fili a ƙasa, mita ɗaya ta nan, mita ɗaya ta can. Idan ka auna shi da ƙafa, tsawonsa 3.28 ne, faɗinsa ma 3.28 ne. Ka ninka su biyu za ka samu kusan 10.76. Wato murabba'in mita ɗaya ya ɗauki murabba'in ƙafa kusan goma sha ɗaya saura kaɗan. Dillali ya juya ɓangare ɗaya ya manta da ɗayan.

Lambar da za ka riƙe ita ce 10.764. Ga yadda za ka buga a na'urar lissafi ta wayarka:

```
6800 × 10.764 = 73195.2
6800 ÷ 10000 = 0.68
```

Kada ka yarda da wannan don ni na faɗa. Tunda kana da tsawo da faɗi, ka bi ta wata hanya ka ga ko za ka iso wuri ɗaya. Mita 85 sau 3.28084 ta ba ka ƙafa 278.87. Mita 80 sau 3.28084 ta ba ka ƙafa 262.47. Ka ninka waɗannan biyu, za ka sake samun 73,195. Wannan hanya ta biyu ita ce nake so ka yi a gaban mai saye, domin mutumin da ya saba da ƙafa ya fi gane "kusan 279 a 262" fiye da kowace lamba mai tsawo. Yana jin haka zai hango filin a ransa, ya kuma ga cewa 22,304 ba ta da wurin zama.

Akwai masu cewa a ninka da goma kawai don sauƙi. Idan ana hira ce a bakin gona, ba laifi. A wurin ciniki kuwa kada ka yarda, domin sau goma zai ba ka 68,000, ka ga an zubar da murabba'in ƙafa 5,195, wanda ya fi fuloti guda na hamsin a ɗari. Idan aka ninka da goma sha ɗaya kuma sai a samu 74,800, a nan mai saye ne aka ƙwara. Haƙƙin kowa yana cikin waɗannan lambobi uku na bayan ɗigo.

Hekta ba ta da wahala. Fili ne mai mita 100 a mita 100, wato murabba'in mita 10,000 cif. Ka raba adadin takardarka da 10,000, shi ke nan. Gonarka ta haura rabin hekta, ta ɗan ɗara kashi biyu cikin uku, saura murabba'in mita 3,200 ta cika hekta guda.

Inda nake so ka buɗe ido sosai shi ne kalmar "kadada". Mutanenmu suna amfani da ita ga ma'auni biyu da ba su yi kusa da juna ba. A bakin dattawa da yawa kadada eka ce, a labarai kuwa sau da yawa za ka ji an ce kadada ana nufin hekta. Eka murabba'in mita 4,047 ce, ko murabba'in ƙafa 43,560, kuma sai an haɗa eka biyu da kusan rabi, wato 2.47, kafin a samu hekta ɗaya. Gonarka hekta 0.68 ce, amma a eka 1.68 ce. Mu ɗauka, don misali kawai, kun yi ciniki a kan naira miliyan 10 kowace kadada. Idan shi hekta yake nufi, a ransa miliyan 6.8 zai biya. Idan kai eka kake nufi, miliyan 16.8 kake jira. Kowannenku zai tashi yana ganin an daidaita, sai ranar biyan kuɗi a fara neman shaidu, su ma shaidun kowa da abin da ya fahimta. Saboda haka a bakinku da kuma a takardar ciniki, ku ce hekta ko ku ce eka, ku bar kadada a gefe.

Haka ma "ɗari a ɗari". Idan wani ya faɗe ta, ka tambaye shi ɗarin me. Ɗari a ɗari na ƙafa murabba'in mita 929 ne, ɗari a ɗari na mita kuwa hekta ce sukutum, ta ninka wancan fiye da sau goma. "Taku" ma haka take, wani ƙafar tef yake nufi, wani kuma takun tafiya yake nufi, wanda ya fi ƙafa biyu kuma ya bambanta daga mutum zuwa mutum.

Yanzu bari in faɗa maka abin da nake zaton yana zuciyar mai sayen nan. Wanda ya zo sayen gona a bakin gari yana tambayar ƙafa, yawanci fuloti yake ƙirgawa. Fulotin hamsin a ɗari murabba'in ƙafa 5,000 ne, wato murabba'in mita 464.5. Idan ya raba 73,195 da 5,000 zai samu 14.6, sai ya ce fuloti goma sha huɗu da rabi. A lissafi haka ne, amma a ƙasa ba haka za ta fita ba, domin gidaje suna bukatar hanya, kuma fuloti ba ruwa ba ne da zai cika kowane lungu. Mu gwada yanka mafi sauƙi. A fitar da hanya mai faɗin mita 9 ta ratsa tsakiyar gonar a kan tsawon nan na mita 85. Hanyar kaɗai ta ci murabba'in mita 765. Fuskar kowane fuloti ƙafa 50 ce, wato mita 15.24, don haka biyar ne za su jeru a kowane gefe, a bar ragowar da ba ta kai fuloti ba. Ka ga cikakkun fuloti goma ke nan, sai guntaye a ƙarshen layi da kuma rarar kusan mita biyar a bayan kowane jeri. Gwanin tsara fili yana iya matso wani abu daga guntayen, amma wannan aikin mai saye ne da hukumar tsara gari. Kai abin da za ka sayar murabba'in mita 6,800 ne. Kada ka yi masa alkawarin adadin fuloti, ko da baki, domin idan ya yanka bai samu ba, wurinka zai dawo.

Wani ƙaramin abu a nan: wasu suna kiran fulotin mita 15 a 30 da sunan hamsin a ɗari, alhali shi murabba'in mita 450 ne, ya gaza da 14.5. A fuloti ɗaya ba a cika damuwa ba, amma a goma an tara murabba'in mita 145.

Duk wannan lissafi ya dogara ne a kan cewa 6,800 ɗin gaskiya ce a yau. Juya ma'auni ba ya gyara awon da ya lalace tun farko. Idan takardar ta daɗe, ka je da mai saye ku nemo duwatsun iyaka da safiyo ya kafa, ku ja tef tsakaninsu ku ga ko 85 da 80 suna nan. Gona tana raguwa ba tare da mai ita ya lura ba, maƙwabci ya matso da kunya ɗaya bana, ya ƙara wata baɗi, ko zaizayar ruwa ta ci gefe. Ku kuma lura da fuskar tef ɗin da kuke karantawa, domin da yawa daga cikin dogayen tef mita ce a gefe ɗaya, ƙafa a ɗaya gefen.

Sannan ku ja tef ɗin daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta, sau biyu, a gicciye. Idan filin a miƙe yake, kowanne zai ba ku kusan mita 116.7. Idan ɗaya ya fi ɗaya da mitoci masu yawa, filin a karkace yake, kuma ninka tsawo da faɗi zai ba da fiye da abin da ke ƙasa. Filin da gefunansa suke 85 da 80 amma ya karkace har ainihin faɗinsa a tsaye ya koma mita 74, murabba'in mita 6,290 ne kawai, ya rasa 510. In kun ga haka, ku kira safiyo mai rajista ya sake aunawa kafin a karɓi ko sisi. Awon da ake yi da waya ana zagaya gona yana da amfani wajen ƙiyasin taki da iri, amma yana iya kaucewa da 'yan mitoci a kowace kusurwa, don haka ban yarda a sayar da ƙasa da shi ba.

Ranar rubuta takardar ciniki, a fara da adadin da ke takardar safiyo, domin da mita da hekta ofisoshin filaye na gwamnati suke aiki, kuma da su mai saye zai nemi takardar mallaka. A rubuta murabba'in mita 6,800, daidai da hekta 0.68, daidai da kimanin murabba'in ƙafa 73,195, a sa lambar takardar safiyon, a kuma ƙara layi ɗaya cewa idan an samu saɓani tsakanin lambobin, na mita za a bi. A karanta wannan da ƙarfi a gaban dagaci ko mai unguwa da maƙwabtan gonar kafin kowa ya sa hannu.