Wasiƙa ga wakilin jigilar kaya kafin a loda

Tambaya: Ina da shago a Sakkwato, kayana suna Guangzhou ta ƙasar China. Me zan rubuta wa wakilin jigila?

Ɗan'uwa, rubuta haka:

"Salamu alaikum Alhaji. Ga jerin kayana haɗe: katan 12 na takalma kilo 240, katan 8 na jakunkuna kilo 120. Don Allah a ƙirga, a auna, a tabbatar mini a rubuce cewa duka 20 za su shiga kwantena ɗaya."

Ka nemi nauyin har da kwali, da kuma CBM, wato ma'aunin girman kaya, domin a jirgin ruwa yawanci girman kaya ake caji. Na taɓa sakaci ban sa sunana jikin kowane katan ba, biyu suka maƙale a sito wata guda.