Amsar Malam a kan must, have to da should

Tambaya: "Malam don Allah, na rubuta wa abokin aikina *you mustn't come tomorrow*, ina nufin ba sai ya zo ba, wai sai ya ji haushi. To must da have to ba abu ɗaya ba ne?"

Amsar da Malam ya turo ta murya:

Assalamu alaikum jama'ar gurup. To ƙanina, gaskiya yana da hujjar jin haushi, don hana shi zuwa ka yi. *You mustn't come* ma'anarsa kada ka kuskura ka zo, ba ka da izini. Wanda kake nema shi ne *you don't have to come*, wato ba dole ba ne, in ka ga dama ka zo in ba ka ga dama ba ka yi zamanka. Ka ga tazarar ai ba kaɗan ba ce.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne, in babu korewa a cikin jimlar su biyun kusan tafiyarsu ɗaya. *I must go* da *I have to go* duk dole ne in tafi. Ɗan bambancin da littattafan nahawu ke faɗa shi ne must yawanci daga mai maganar dolen ke fitowa, ni na ga ya zama wajibi, shi kuwa have to wani ne ya ɗora maka, doka ce ko tsarin wurin aiki ko likita ne ya ce. Amma ni ban cika matsa wa ɗalibai a kan wannan ba, don Amurkawa ma a hirarsu have to suka fi amfani da shi kusan ko'ina kuma ba wanda zai kasa gane ka. Da zarar not ta shigo, to nan ne hanya ta rabu, ɗaya ya zama hani ɗaya ya zama zaɓi.

Da a ce shawara kake son ba shi, misali ba shi da lafiya kana ganin gara ya huta, sai ka ce *you shouldn't come*, bai kamata ka zo ba. Should ba ta tilasta kowa, ra'ayinka ne kawai, zai iya ƙin bi.

Yauwa, sai abu na biyu, kuma wannan ku saurara da kyau don shi ya fi kayar da mutane a jarrabawa. Must tana da wani aiki da ba ruwansa da dole, wato hasashe, ka ga alama ka yanke hukunci. Ka buga wa mutum waya cikin dare bai ɗauka ba, sai ka ce *he must be asleep*, lallai barci yake. Ba umartarsa ka yi ya yi barci ba ai. To idan za ka kore wannan hasashen, can't ake sawa, misali ka ga yanzun nan ya turo saƙo a gurup, sai ka ce *he can't be asleep*, ba zai yiwu a ce barci yake ba. In kuma ba ka da tabbas, *he might be asleep*, wataƙila.

Yanzu mu mayar da shi abokin aikin naka jiya. Must ta dole ba ta da sigar lokacin da ya wuce, ba a cewa musted, aron had to ake yi. *He had to leave early*, dole ce ta sa ya tashi da wuri, kuma ka san hakan ya faru. Amma in ka shigo ofis ka tarar ba jakarsa ba makullin motarsa ka ce *he must have left early*, wannan hasashe ne, ba ka ga fitarsa ba, alamu ka bi. Mutane da yawa suna rubuta must have suna zaton sun ce ya zama dole, alhali sun koma hasashe ba su sani ba. Ita kuma *he should have left early* ƙorafi ne, ya kamata a ce ya tashi da wuri amma bai yi ba.

Yadda za ka gwada kanka, kafin ka rubuta ka tambayi ranka, na san abin ya faru ko zato nake? In ka sani had to, in zato ne mai ƙarfi must have.

Af, kada in manta, ba a sa to bayan must ko should, *he must go* ne, kuma ba a ƙara musu s ko da mutum ɗaya ake magana a kai, have to ce kaɗai ke komawa has to. Kai kuma ka sake tura masa saƙo yanzu ka gyara, ka ce masa *you don't have to come, but you can if you want*, can ɗin nan ita ce izinin, ka ga ka buɗe masa ƙofar da ka rufe.