Wace gem zan saya wa yaro, kuɗina kaɗan ne?

Tambaya: "Salamu alaikum 'yan uwa. Ɗana shekararsa 14, na yi masa alkawarin gem in ya ci jarrabawa, ga shi ya ci. Shi PS5 yake ta ambato, ni kuma kuɗina ba su kai nan ba. Wacce zan saya, kuma da wane wasa zai fara?"

Muryar da aka mayar, an rubuta ta don waɗanda ba su samu saurare ba:

Wa alaikumus salam Anti, ina wuni, ya yara? Allah ya yi masa albarka. Ki yi haƙuri muryar za ta ɗan yi tsawo.

Ni dai in nawa ne, PS4 Slim zan saya masa, tokumbo mai kyau. PS4 ta fito a 2013, sai a 2016 aka fito da wannan siririyar, Slim. Ta fi ta farkon ƙarancin cin wuta, ba ta kai ta zafi da ƙara ba, kuma ƙaramin janareto ma yana ɗaukarta tare da talabijin. In kin juya bayanta za ki ga lamba. Wadda ta fara da CUH-2 ita ce Slim, CUH-1 tsohuwar ce mai kauri, CUH-7 kuma Pro ce, wadda ƙarin kuɗinta ba zai amfane ku ba sai in talabijin ɗinku 4K ce.

A shago za a iya nuna miki Xbox Series S, a ce ai ta fi sabunta, 2020 ta fito. Gaskiya ne, kuma inji ne mai kyau. Matsalarta a wurinmu ɗaya ce: ba ta da wurin sa faifai kwata-kwata. Kowane wasa sai an saya ta intanet an sauke, kuma wasan ƙwallo ɗaya yakan ci gigabait 40 ko fiye. To Anti, lissafa kuɗin data. PS4 kuwa faifai take ci. Ya sa faifan, ya hau, ya buga ba ruwansa da intanet. In ya gaji da shi ya yi musaya da abokinsa, ko ya mayar kasuwa ya ɗan cika kuɗi ya karɓo wani. Wannan musayar ita ce rufin asirin mai ƙaramin ƙarfi, shi ya sa nake nacewa a kanta.

Kada kuma ki zuba duk kuɗin a kan injin. Farashi yana bin dala, don haka ki tambayi shago uku a rana ɗaya kafin ki fitar da ko sisi. Abin da kika ware, ki bar wani abu a gefe na hannu na biyu, wato abin da ake riƙewa ana dannawa, da faifai biyu. Gem mai hannu ɗaya a gida mai yara, rigima kika sayo. Gara mai 500GB da hannu biyu a kan mai 1TB da hannu ɗaya.

Yanzu ranar saye. Ki tafi da shi yaron, ko wani yayansa da ya san gem, kuma a jona ta a gabanku. Kar ki yarda da "ai mun gwada". A sa faifai, ki ga ta ja shi da kanta, ta karanta, ta kuma fito da shi ba gardama. A bar wasa yana tafiya kamar minti ashirin. In kika ji fanka ta tashi kamar injin markaɗe, ƙura ta cika cikinta ko zafi ya fara cinta, a canza wata. Ki duba bayanta, akwai 'yan sitika da ke rufe kusoshi; in an ɓare su, an taɓa buɗe ta. Hannun kuma, a shiga wasan ƙwallo a ajiye shi a kan tebur kar kowa ya taɓa. In ɗan wasa ya kama tafiya shi kaɗai, 'yar sandar hannun da ake juyawa da yatsa ta lalace. Hannun jabu ya cika kasuwa, yawanci za ki ji shi shafal ba nauyi, cajinsa kuma ba ya daɗewa.

Sai abin da ya taɓa cina, har yau in na tuna raina yana ɓaci. Na sayo wa ƙanina wata a wani shago, mai shagon ya ce ya cika ta da wasanni goma sha, ya ƙara mini kuɗi a kan haka. Muka zo gida murna. Bayan kamar wata guda yaro ya kira ni, wai kowane wasa ya fito da hoton ɗan kwaɗo a jikinsa, ba ya buɗuwa. Ashe wasannin a kan asusun wani suke, mai asusun ya cire injinmu daga nasa, shi ke nan. Na koma shagon, ya ce shi ba ruwansa. To in an ce miki "cike take da wasanni", ki tambaya ta yaya. Ko dai irin wannan asusun aron ne, ko kuma an yi mata kutse. Wadda aka yi wa kutse ba ta hawa intanet a yi wasa da mutane, kuma ranar da yaro ya danna sabuntawa bisa kuskure, wasannin sun daina buɗuwa. Faifan da ke hannunki, ba mai ƙwace shi daga nesa.

Wasanni kuma, ki fara da ƙwallo, don ita abokansa za su zo bugawa. Ba sai ta bana ba. FIFA 23 ita ce ta ƙarshe mai wannan sunan, daga 2023 suka koma EA Sports FC. Ta bara ko ta bara waccan tana faɗuwa a kuɗi sosai da zarar sabuwa ta fito, bambancin kuma yawanci jesi ne da wanda ya koma wane kulob. Na biyu, Crash Team Racing Nitro-Fueled, tseren 'yan ƙananan motoci ne, har mutum huɗu suna yi a talabijin ɗaya in akwai hannuwa, ƙannensa mata ma za su shiga. In kuɗi sun ragu, Marvel's Spider-Man na 2018, na mutum ɗaya ne mai labari, zai ɗauke shi makonni. Shi dai an rubuta masa 16, wato na 'yan shekara 16 zuwa sama, a kwalin Turai saboda faɗa, sai ki duba ki yanke da kanki.

Zai ce miki GTA V, na rantse zai ce. Ki kalli kusurwar kwalin, 18 aka rubuta, kuma ba a banza ba: akwai batsa, akwai ashar, akwai kisa. Mortal Kombat 11 ma 18 ne. Ki ce masa ba yanzu ba.

Abu na ƙarshe, wuta. Ɗauke wuta tana tsaka da aiki shi ne yake lalata ma'ajiyar cikinta. In da hali a haɗa da ƙaramin UPS, ko da zai ba shi minti biyar ne ya kashe ta yadda ya kamata. Ki koya masa ya zaɓi Turn Off PS4, ba Enter Rest Mode ba. In kin ga fitilarta ta koma ruwan lemo, ba a kashe take ba, barci take, kar a zare waya. Sannan in za ku taɓa jona ta da intanet ɗin wayarki, a fara shiga Settings, sai System, sai Automatic Downloads, a cire alamar da ke kansu duka, in ba haka ba datar wata ɗaya za ta tafi a dare ɗaya.

In kun je kasuwar, ki ɗauki hoton lambar bayan nan da na hannun ki turo mini kafin ki biya, ina nan a kan waya. A gaida mini da shi.