Katin Bajamushen da ka samo a baje kolin Legas

"Yaya, na haɗu da wani Bajamushe mai sayen zoɓo a baje kolin Legas. Mun yi hira har ya ba ni katinsa. Me zan rubuta masa ya taimaka min in zo karatu Jamus?"

Ƙanena, kai ne na uku da ya turo min irin wannan a bana. Kada kalmar biza ta fito a wasiƙarka ko sau ɗaya. A nan Jamus, wanda ya sa hannu a takardar ɗaukar nauyin baƙo, hukuma na iya binsa kuɗin cinka da maganinka har shekara biyar. Wa zai ɗora wa kansa wannan saboda hirar minti goma?

Kati kuwa ba alkawari ba ne. A 2019 na je Anuga, baje kolin abinci da ake yi a Köln duk bayan shekara biyu, na dawo da kati cike da aljihu, ina jin kakata ta yanke saƙa. Na bari sai bayan mako uku, na tura wa kowa wasiƙa iri ɗaya, rabinta gaisuwa. Shiru kake ji. Mutum ɗaya ya amsa, shi ma tambaya ce: a ina muka haɗu? Har yau abin na yi min ciwo.

Mutumin nan ya gaisa da ɗaruruwa, fuskarka ta ɓace masa. Abin da ba zai manta ba shi ne matsalar da ya faɗa da bakinsa. Zauna ka tuno: da me ya yi kuka? A ce ya koka cewa zoɓon da ake kawo masa na zuwa da yashi da danshi. To da wannan za ka buɗe, cikin kwana biyu ko uku. A layin take ka sa sunan baje kolin da kalmar zoɓo. Ka kira shi da Herr da sunan danginsa, domin Jamusawa ba sa son baƙo ya kama sunansu na yanka. Sannan ka mayar da wannan Turanci:

"Mun haɗu ranar Talata a rumfarku. Ka ce zoɓon da ya iso maka bara ya zo da yashi. Wanda muke saye a Jigawa a kan tamfol ake shanya shi, a tankaɗe kafin a zuba a buhu. In turo maka rabin kilo ka duba?"

Iyakarta ke nan, buƙata ɗaya tak. Amma in a ƙasa kuke shanyawa, kada ka ce tamfol, ɗakin gwaji suke kai samfur. Kada kuma ka ƙaga maganar da bai faɗa ba, wataƙila ya rubuta abin da kuka tattauna a bayan katinka.

In mako biyu ya wuce shiru, ka tuna masa sau ɗaya, layi biyu. Ban da kiransa a WhatsApp. Maganar karatu kuma ka turo min sakamakonka na digiri, ni zan duba.