Tazarar ƙusa a bim ɗin akwati na katako

"Assalamu alaikum. Zan yi bene a shago don ajiye buhuna. Kafinta ya haɗa bim irin na akwati: falanki biyu a gefe, tu-bai-fo sama da ƙasa a tsakaninsu, tsawo ƙafa 12. Ya ce ƙusa ɗaya kowace ƙafa ta isa. Haka ne?"

Wa alaikumus salam. Malam, ba ta isa ba, musamman a bakin bim ɗin. Ɗauki katako biyu ka ɗora ɗaya kan ɗaya ba ƙusa, ka taka tsakiya, za ka ga bakinsu ya goce, ɗaya ya ɗara ɗaya. Wannan zamewar ita ce ƙusa take hanawa, kuma ana auna ƙarfinta a kan kowace milimita ta tsawon bim, shi ne q. V nauyin da bakin bim yake ɗauka ne, I da Q kuma daga awon katakon ake fitar da su; s tazarar ƙusa ce, n yawan layukan ƙusa, F kuma abin da ƙusa ɗaya take jurewa:

```
q = VQ / I
s = nF / q
```

Bari in ɗauka falankinka 25 × 300 ne, tu-bai-fo kuma 50 × 100 a kwance, duk a milimita. Akwatin ya zama faɗi 150, zurfi 300, ramin ciki 100 × 200. In buhuna da daɓen da ke kan bim ɗaya sun kai kilo 1,200, wato kusan niyuton 12,000 a shimfiɗe, kowane baki yana ɗaukar rabi. Shi ne V, 6,000.

```
I = (150×300³ − 100×200³)/12 = 270.8×10⁶ mm⁴
Q = 100×50×125 = 625,000 mm³
q = 6000×625000/270.8×10⁶ = 13.8 N/mm
```

A kan Q ne mutane suka fi tuntuɓe. Ba rabin akwatin gaba ɗaya ake ɗauka ba. Ka tambayi kanka: in na zare ƙusoshin nan, wane katako ne zai zame? Tu-bai-fon sama ne kaɗai. To faɗinsa sau kaurinsa, sau nisan tsakiyarsa daga tsakiyar bim, wato 150 a cire 25, saura 125.

Layin ƙusa biyu ne ke riƙe da shi, dama da hagu, don haka n biyu ce. Ga ƙusa mai inci uku, mu ɗora misalin a kan cewa kowace tana jure niyuton 500 a karkace. Ainihin adadin yana bin kaurin ƙusar da taurin katakon, sai a duba teburin ƙa'idar da ake aiki da ita. Biyu sau 500 dubu ɗaya ke nan, raba 13.8 ya ba da 72, a sauko zuwa milimita 70 a kowane gefe. Ƙafa ɗaya kuwa milimita 305 ce, ka ga kowace ƙusa za ta ɗauki fiye da ninki huɗu na abin da ya kamace ta.

Ba dole ne a cika bim ɗin da ƙusa har tsakiya ba. In kayan a shimfiɗe suke, V tana raguwa daga baki, ta koma rabi a rubu'in tsawon. Ni nakan buga 70 a ƙafa uku na kowane baki, tsakiya 140. Amma na san halin shago: yara za su jibge buhuna wuri ɗaya kusa da tsani. In haka ne, bar shi 70 daga farko har ƙarshe, kuɗin ƙusar bai taka kara ya karya ba.

Kada kafinta ya sauya tsarin ya ɗora katako mai faɗin 150 a bisa falankin. Siffar waje ɗaya ce, I ma ɗaya, amma Q ta tashi zuwa 937,500, tazara ta sauko 48, ga shi ƙusar za ta shiga gefen katako mai kaurin 25 ta tsaga shi.

Na taɓa cin wannan wuyar a wani shagon hatsi. Lissafi daidai, amma ɗanyen katako muka saya da damina. Hunturu na shigowa ya bushe, ya tsattsage a layin ƙusa, bim ya yi ciki. Da ido ba ka ganin ƙusar da ta saki. Tun daga nan nake jan layin fensir da ya ratsa falanki da tu-bai-fo a saman bim kusa da baki kafin a ɗora kaya. In layin ya rabu biyu, ko kana jin ƙara in an taka, haɗin yana zamewa, a sauke kaya a tokare.

Sai ka auna katakon da tef kafin lissafi, don abin da ake kira tu-bai-fo a kasuwa sau da yawa bai cika 50 × 100 ba. Ƙusoshin dama da na hagu a saɓa su, kada su haɗu a ciki. In katakon mai tauri ne kamar maɗaci, a fara huda shi da ƙaramin bakin diril. Kuma kafin buhu ya hau, injiniya ya zo ya duba inda bim ɗin ya zauna a bango.